Kwafe tsohon littafin bayanan taro daga hoto

Tambaya: "Malam, ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu. An turo mini hotunan tsohon littafin bayanan taronmu, na 1971 zuwa 1979, an ce in buga shi a kwamfuta. Kowane magatakarda da irin salonsa: kwanan wata iri-iri, sunayen mahalarta wani wuri a jere wani wuri a cakuɗe, ga sa hannu ga dangwale. Yaya zan yi ya fito da tsari ɗaya?"

Amsa: Malam Sakatare, tsari ɗaya da kake so a gurbin da za ka zuba rubutun zai kasance, ba a rubutun kansa ba. Kai ne za ka tsara gurbi guda wanda kowane taro zai shiga, amma abin da magatakarda ya rubuta ka bar shi yadda ya rubuta, har da kuskurensa. Duk abin da kai ka gano, ko ka gyara, ko ka zata, yana da nasa wurin daban inda mai karatu zai gane cewa bakinka ne. In ka gauraya biyun, bayan shekara goma babu wanda zai iya bambance maganar dattawan 1972 da taka, kuma ranar da rigimar fili ko ta kuɗi ta taso aka ɗauko kwafin, wanda abin bai yi wa daɗi ba zai ce an taɓa shi, kuma yana da gaskiya.

Kafin ka buga ko harafi ɗaya, duba hotunan. In ta WhatsApp aka turo su a matsayin hoto, an matse su, kuma rubutun fensir da siraran lambobi su ne farkon abin da ke dushewa. Ka nemi a sake turo su a matsayin Document, ko a kwafo su ta waya kai tsaye. Sai ka jera su ka sake musu suna bi da bi, sh001, sh002, har ƙarshe, da lambobi uku domin kada kwamfuta ta sa na 10 a gaban na 2. Bango ma hoto ne, shafin da babu komai a kansa ma ka ba shi lamba. Daga nan ka bi ƙarshen kowane shafi ka ga ko jimlarsa ta ɗore a farkon na gaba. Inda magana ta yanke a tsakiya, na gaba kuma ya fara da sabon taro, to ko dai mai ɗaukar hoto ya haɗa takarda biyu ya juya, ko an yage takarda daga littafin. Waɗannan biyun ba ɗaya ba ne, kuma littafin kansa ne kawai zai raba gardama, don haka sai a koma a duba shi.

Bayan haka ka karance littafin gaba ɗaya ba tare da bugawa ba. Mutane na ganin wannan ɓata lokaci ne, amma a nan ne ido ke sabawa da hannun kowane magatakarda: yadda wannan ke rubuta 1 da 7, yadda wancan ke gajarta Muhammadu. Kalmar da ta gagare ka a shafi na 5 sau da yawa za ka same ta a fili a shafi na 40.

Ga irin gurbin da nake amfani da shi. Kowane taro yana ɗaukar waɗannan layuka duka, a wannan jerin, ko da wani layin ba shi da abin cikawa:

```
TARO NA: [23]
HOTO: sh047, sh048
RANA YADDA TAKE: Lahadi 7/1/72
RANA DAIDAITACCIYA: [1973-01-07]
WURI: [ba a rubuta ba]
MAHALARTA:
MASU UZURI:
BAYANI:
SA HANNU:
LURA:
```

Ƙa'idar ita ce duk abin da ke cikin baka mai kusurwa naka ne, duk abin da ke waje na littafi ne. Lambar taro a cikin baka take saboda kai ka ƙirga, magatakarda bai sa ba. In bai faɗi wurin taro ba, kada ka cika masa da makarantar firamare don kawai a nan aka saba yi. Ka rubuta cewa ba a rubuta ba. Alamomin da za ka riƙa sawa kuma kada su wuce kaɗan: [?] bayan kalmar da ka karanta amma kana shakka, [ba ya karantuwa: kalma 2] inda ya gagara, [gara ta ci] ko [ya yage] inda takardar ce babu, [an soke: ...] ga abin da aka ja wa layi amma ana iya karantawa, [a gefe: ...] ga abin da aka ƙara a gefen shafi. Ka rubuta su a shafin farko na aikinka, kuma kada ka sake su a tsakiyar hanya.

Abin da aka soke kada ka tsallake shi. In an rubuta cewa an ba wa ma'aji fam goma, aka soke goma aka sa biyar a sama da wata tawadar, wannan gyaran shi kansa labari ne.

Yanzu kwanan wata, inda aka fi yin ɓarna. Ɗauki misalin da ke cikin gurbin nan na sama. A ce taron da ya gabata an yi shi a Disamba 1972, na bayansa kuma a Fabrairu 1973, amma a kan wannan shafin magatakarda ya rubuta "Lahadi 7/1/72". Wurin da shafin yake a littafi ya riga ya sa ka zargi shekarar, domin hannu kan ci gaba da rubuta tsohuwar shekara a makonnin farko na Janairu. Amma zargi ba hujja ba ne. Hujjar tana cikin sunan ranar da ya rubuta. 7 ga Janairu 1972 Juma'a ce, 7 ga Janairu 1973 kuwa Lahadi ce. Kana iya tabbatarwa da kanka a Excel:

```
=TEXT(DATE(1973,1,7),"dddd")
```

Ranar mako ta yarda da 1973, jerin shafuka ya yarda da 1973, to sai ka bar "7/1/72" a layinsa kamar yadda yake, ka sa 1973-01-07 a layin RANA DAIDAITACCIYA, sannan a LURA ka rubuta dalili a jimla ɗaya: Lahadi ta dace da 1973, kuma shafin yana tsakanin Disamba 1972 da Fabrairu 1973. Mutum ya fi saurin ɓata lamba a kan ya ɓata sunan rana, musamman in ƙungiyar Lahadi take zama, shi ya sa nake ba wa sunan rana nauyi. In kuwa babu sunan rana kuma jerin bai nuna komai ba, ka sa [?] ka wuce.

Wannan hanyar ce kuma ke warware wace lamba ce wata. A Najeriya rana ake fara rubutawa sannan wata, saboda haka "Lahadi 4/3/73" 4 ga Maris ne, kuma lissafi ya yarda, domin 4 ga Maris 1973 Lahadi ce. Amma kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka za ta karanta shi 3 ga Afrilu, wadda Talata ce, kuma ba za ta gaya maka ta yi hakan ba. Dalilin da ya sa layin RANA DAIDAITACCIYA ke farawa da shekara, sannan wata, sannan rana ke nan: ba ya ɗaukar fassara biyu, kuma in ka jera shi yana bin lokaci da kansa.

In wani magatakardan da watan Musulunci ya yi amfani, ko ya haɗa biyun, ka kwafe yadda ya sa. Taron nan na 7 ga Janairu 1973 ya faɗo a farkon Zulhajji 1392. Manhajojin juya kwanan wata lissafi suke bi, mutanen gari kuwa ganin wata suka bi, saboda haka saɓanin kwana ɗaya ko biyu ba kuskure ba ne, kada ka gyara wa kowa. A nan ma sunan rana ne alƙali. In kuma da lambobin Larabci ya rubuta, ka kiyaye: shidansu ya yi kama da 7 na boko, biyar ɗinsu ya yi kama da 0, sifilinsu kuwa ɗigo ne wanda a hoto sai ka ɗauka datti ne.

Tunda littafinku ya ratsa 1973, akwai wani tarkon da ke kama da kwanan wata alhali kuɗi ne. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kobo. Kafin nan sule 20 ne fam ɗaya, kwabo 12 kuma sule ɗaya. In ka ga "5/-" sule biyar ne. In ka ga "5/6" a gaban sunan mutum, sule biyar da sisi ne, ba 5 ga Yuni ba, kuma in ka buga shi a Excel ba tare da ka mai da gurbin Text ba tukuna, nan take zai zama kwanan wata. "£2.5.6" fam biyu ne da sule biyar da sisi, wanda ya buga shi 2.56 ya ƙirƙiro kuɗin da ba a taɓa biya ba. Ka bar su da alamominsu. In ana son a ga daidai da naira, fam ɗaya naira biyu aka canza shi, sule ɗaya kobo goma, sai ka sa wannan a baka. Kada ka yi mamaki in ka ga magatakarda na ci gaba da rubuta sule bayan an yi canji, baki da hannu ba sa bin doka rana ɗaya.

Sai jerin mahalarta. Ko a jere aka rubuta su ko a cakuɗe cikin sakin layi, kai ka sa kowane mutum a layinsa, amma da jerin da littafi ya bi. Kada ka jera su bisa haruffa. Wanda aka fara rubutawa da wanda aka sa a ƙarshe yana nuna girma da muƙami, kuma sunan da aka cusa a ƙasa da wani biro daban yakan nuna wanda ya zo a makare. In magatakarda ya sa musu lamba ka kwafe lambarsa, ko da ya tsallake daga 11 zuwa 13. In a ƙasa ya rubuta "jimla 19" kai kuma ka ƙirga 18, ka bar 19 ɗinsa, ka faɗi naka ƙirgen a LURA. Kafin ka ɗora masa laifi dai ka sake duba hoton, domin layin ƙarshe na shafi shi ne wanda kyamara ta fi yankewa.

Sunayen su ne za su fi jarraba ka. Mutum ɗaya zai fito yau Muhammadu, gobe Mamman, jibi Moh'd, wata rana kuma Sarkin Pawa kawai babu suna. "M." na iya zama Malam, na iya zama Musa. "A." na iya zama Alhaji, na iya zama Audu. Kada ka buɗe gajartaccen suna a cikin kwafin, kuma kada ka mai da su duka iri ɗaya. Abin da za ka yi shi ne jadawali daban, wanda kowane layi nasa halarta ɗaya ce: lambar taro, sunan yadda aka rubuta, muƙami in an faɗa, yadda ya sa hannu, sannan gurbi na ƙarshe mai lambar da kai ka ba wa mutumin, kamar M07. Duk inda ka tabbata Mamman da Moh'd mutum ɗaya ne, su sami lamba ɗaya. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne wannan: in sunayen biyu sun taɓa fitowa a jerin taro ɗaya, to mutum biyu ne. In ba su taɓa haɗuwa ba, kuma sa hannunsu iri ɗaya ne, to ka kusa tabbata. Sarauta kuwa ka yi hattara da ita, domin Sarkin Pawan 1971 ba lalle ne shi ne na 1979 ba, haka ma Liman da Ma'aji. Wanda a farkon littafi Malam ne, daga baya ya koma Alhaji, shi ma kada ka kai masa Alhajin baya; lokacin da laƙabin ya sauya yana taimakawa wajen gane shekarar shafin da ba shi da kwanan wata. Dattawan da suka halarci tarukan nan in akwai masu rai, zama ɗaya da su zai warware maka abin da mako guda na kallon hoto ba zai warware ba, sai dai abin da suka faɗa a jadawali zai shiga, ba a cikin kwafin ba.

Haka nan rubutun Hausarsa. In ya rubuta "kungiya" da "kudi" ba ƙugiya, ka bar su. In ya sa En'e, ko Jihar Arewa ta Tsakiya wadda aka sauya wa suna zuwa Kaduna a 1976, kada ka sabunta masa. Ka kashe AutoCorrect a Word kafin ka fara, in ba haka ba zai riƙa sauya maka kalmomi da manyan baƙaƙe a ɓoye. Jadawalin kuma in za ka fitar da shi daga Excel ka zaɓi CSV UTF-8, domin ƙ da ɗ da ɓ ɗinka kada su koma alamar tambaya.

Sa hannu ba a kwafe shi, bayyana shi ake yi. Abin da kake so mai karatu ya sani shi ne wace irin alama ce ke wurin, kuma a gaban sunan wa take. Iri huɗu ko biyar sun isa: [sa hannu, boko], [sa hannu, ajami], [dangwale], [hatimi], da [babu]. In sa hannun yana karantuwa ka ƙara abin da ka karanta, kamar [sa hannu, ajami: Usmanu]. In zane ne kawai wanda ba ya karantuwa, kada ka ɗauko sunan da ke gefensa ka cusa a ciki kamar ka karanta shi, ka ce [sa hannu, ba ya karantuwa]. Dangwale kuwa ba ya faɗin mai shi, sunan da aka rubuta kusa da shi ne kawai shaida, don haka in dangwale ya faɗo tsakanin layi biyu ka faɗi haka, kada ka zaɓa masa.

Akwai abu biyu da ya kamata ka duba da kyau a nan. Na farko, ka kwatanta hannun da ke gurbin sa hannu da na magatakarda. Sau da yawa za ka tarar sunaye goma sha biyar a gurbin sa hannu duk hannu ɗaya ne, biro ɗaya, karkata ɗaya. Wannan ba sa hannu ba ne, magatakarda ne ya cike, kuma sai ka rubuta [suna da hannun magatakarda]. Bambancin yana da nauyi, domin sa hannu na gaske shaida ce cewa mutum ya zo da kansa, sunan da magatakarda ya cike kuwa shaida ce cewa an ce ya zo. Haka in an rubuta "a madadin" kafin sa hannu, wakili ne ya sa, ka kwafe kalmar.

Na biyu, karkacewar hoto. In sunaye suna hagu, sa hannu yana can dama, kuma littafin ya lanƙwasa wajen ɗinki, layin da ya fara a gaban mutum na shida zai iya ƙarewa a gaban na bakwai a idonka. Kada ka bi miƙaƙƙen layi a allon kwamfuta. Ka bi layin da aka buga a jikin takardar, ko ka ƙirga layuka daga sama a ɓangarorin biyu. Alamar cewa ka zame ita ce ka ga mutumin da kullum da ajami yake sa hannu yau ya zama mai dangwale, na ƙasa da shi kuma ya gaji ajaminsa. In ka ga haka ka koma ka sake ƙirge.

Kwanan watan da ke kusa da sa hannun shugaba a ƙarshen bayani yakan zo bayan ranar taron da mako biyu ko wata guda. Ba kuskure ba ne. A al'adar taro, sai an karanta bayanin a zama na gaba an amince da shi sannan shugaba ya sa hannu. Ka kwafe shi a layin SA HANNU, kada ka ɗauke shi a matsayin ranar taron. Yana ma da amfani: in shafin taro na gaba ya ɓata, wannan kwanan watan ne zai nuna maka yaushe aka yi shi.

Ban ba ka shawarar ka yanko hoton sa hannun mutane ka manna a cikin kwafin ba. Fayil ɗin zai yi yawo a wayoyi, kuma sa hannun da aka yanko tsaf abu ne mai sauƙin ɗorawa a kan wata takardar, ta fili ko ta bashi. Lambar hoton da ka sa a kan kowane taro ta isa. Mai son gani ya je ga hoton.

Bayanin taron kansa shi ne mafi sauƙi. Ka bi sakin layinsa da lambobinsa, ka sa [sh048] daidai inda sabon shafi ya fara ko da a tsakiyar jimla ne. Rasit ko wasiƙar da aka soka tsakanin shafuka ka ba ta lambar shafin da aka same ta da ƙarin harafi, sh048a, ka kwafe ta a ƙarshen wannan taron.

Ka fara da taro biyar kawai, ka ɗauko su daga hannun magatakarda daban-daban, ka ga ko gurbin ya ɗauke su duka. In akwai abin da ya rasa wuri, misali tarar masu makara, yanzu ne lokacin ƙara masa layi, ba bayan ka yi shafi tamanin ba. In ka gama duka, ka sami mutum na biyu: shi ya riƙe hoton yana karantawa da ƙarfi, kai kana bin abin da ka buga, lambobi ɗaya bayan ɗaya, sunaye harafi-harafi. Mai karantawa daga hoto ya zama wanda bai ga bugun ba, domin wanda ya buga abin da yake tsammani yake gani. Sannan ka jera layin RANA DAIDAITACCIYA daga farko zuwa ƙarshe ka duba: duk taron da ya koma baya, ko ya faɗo ranar da ƙungiyar ba ta saba zama ba, ka sake buɗe hotonsa. A shafin farko kuma ka rubuta sunan wanda ya kwafa da wanda ya duba, da ranar da aka gama, da adadin hotuna, da wanda littafin na asali yake hannunsa.